Yadda ake kauce wa fasif a Faransanci: *on* ko *se*?

Idan Bahaushe zai ba da labarin sata, ba ya ɓata lokaci wajen neman sunan ɓarawo kafin ya buɗe baki. Cewa yake yi an sace babur. Idan kuma bakanike ya duba inji ya ga da sauran rai, sai ya ce yana gyaruwa. Waɗannan hanyoyi biyu da Hausa ke bi wajen faɗin aiki ba tare da kama sunan mai aikin ba, su ne kusan daidai da abin da Faransanci ke yi da *on* da kuma *se*. Mai Hausa a baki yana da rabin darasin nan tun daga gida. Sauran rabin shi ne sanin wuraren da harsunan biyu suka raba hanya, domin a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, ko a Maraɗi da Damagaram inda ake karatu da Faransancin, ko a Kano da Zariya inda yake zuwa bayan Ingilishi.

Ginin da ake kira fasif, wanda littattafan nahawu ke rubutawa *passif*, shi ne a ɗauko abin da aiki ya faɗa wa a sa shi a goshin jimla, a biyo da *être*, sannan a kawo sigar aikatau da ake kira fartisif, wato irin su *vendu*, *écrit*, *fermé*. Misali: *la moto a été volée*. Jimlar daidai take, babu malamin da zai ja mata jan biro. Sai dai Faransanci ba ya son a jera irinta da yawa, bakin mutane ya fi sabawa da *on a volé la moto*, kuma akwai wuraren da fasif ɗin haramun ne gaba ɗaya. Ga yadda ake bi a sauya.

Kafin ka taɓa jimlar, duba ko an ambaci mai aikin

Nemi kalmar *par*. Idan tana nan kuma tana gabatar da wanda ya yi aikin, to ba ka bukatar *on*, ba ka bukatar *se*. Juya jimlar kawai, mai aikin ya dawo gaba. *La lettre a été signée par le directeur* ta koma *le directeur a signé la lettre*. Kuskuren da ake yawan gani shi ne a haɗa biyun, a rubuta *on a signé la lettre par le directeur*, alhali *on* ya riga ya zauna a kujerar mai aiki, kujerar kuma ba ta ɗaukar mutum biyu. Haka Hausa ma take. Ba wanda zai ce an sa hannu ta hannun darakta da nufin daraktan ne ya sa.

Abu na biyu da za ka duba shi ne ko jimlar aiki take faɗa ko hali. *La porte est fermée* a mafi yawan lokaci ma'anarta ƙofa a rufe take. Ba a ce wani yana rufewa ba. Idan ka mai da ita *on ferme la porte*, ka sauya zancen zuwa ana rufe ƙofa. Gwajin mai sauƙi ne: fassara jimlar da Hausa. Idan ta fito da irin su a rufe, a buɗe, a dafe, a karye, to hali ne, bar ta yadda take. Idan ta fito da an ko ana ko za a, to aiki ne, ka ci gaba.

Sauyawa zuwa *on*

*On* ya samo asali ne daga kalmar Latin *homo*, wato mutum, kuma har yau bai manta asalinsa ba: mutum kaɗai yake wakilta. Idan kare ne ya ciji yaro, ba a cewa *on a mordu l'enfant*, domin mai sauraro zai ɗauka wani mutum ne ya gartsa wa yaron haƙori. Idan iska ce ta yaye rufi, sai a ce *le toit a été emporté* ko a kama sunan iskar, *le vent a emporté le toit*. Saboda haka tambayar farko ita ce: wanda ba a ambata ɗin nan, ɗan Adam ne? Idan e, ga matakan.

Sa *on* a farkon jimla. Dubi lokacin da *être* yake ciki a jimlar fasif, ka ɗora wannan lokacin a kan aikatau na ainihi, a siga irin ta *il*, tilo kullum. Sannan ka mayar da abin da ke goshin jimla zuwa bayan aikatau. Matakin tsakiya ne mai wuya, domin ido yana ruɗuwa da fartisif ya ɗauka komai ya wuce. *Le riz est vendu au kilo* ba shuɗaɗɗen lokaci ba ne, tun da *est* na yanzu ne, don haka sai ta koma *on vend le riz au kilo*. Idan *a été vendu* ce, sai *on a vendu*. *Était vendu* na ba da *on vendait*, *sera vendu* na ba da *on vendra*, *avait été vendu* kuma *on avait vendu*. Ko buhu ɗari ake magana a kai, aikatau tilo ne: *les sacs seront pesés* ta koma *on pèsera les sacs*.

Idan abin da ke goshin jimla wakilin suna ne, sai ya sauya riga ya shiga tsakanin *on* da aikatau. *Je* ya zama *me*, *tu* ya zama *te*, *il* ya zama *le*, *elle* ta zama *la*, *ils* da *elles* su zama *les*. *Il a été arrêté* ta koma *on l'a arrêté*. A nan akwai wani ƙaramin tarko na rubutu. Idan karɓau na kai tsaye, wato abin da aikin ya faɗa wa, ya riga aikatau zuwa, fartisif yana bin jinsinsa da adadinsa. Za ka rubuta *on a arrêté les voleurs* ba tare da ƙarin komai ba, amma *on les a arrêtés* da *s* a ƙarshe. Haka *la lettre qu'on a envoyée*, da ƙarin *e*, saboda wasiƙar ta zo kafin aikatau. Kunne ba ya jin bambancin a yawancin kalmomi, amma mai gyaran takarda yana gani.

Inda *on* ya zama dole

Wannan sashen ya fi shafar wanda ya fara sanin Ingilishi. A Faransanci, karɓau na kai tsaye kaɗai ke iya hawa goshin jimlar fasif. Wanda aka yi wa aiki ta hanyar *à* ba ya iyawa. Ana ba da abu ga mutum, *donner quelque chose à quelqu'un*, saboda haka abin ne zai iya zama a gaba, mutumin ba zai iya ba. *J'ai été donné un livre* ba Faransanci ba ce ko kaɗan. Daidai ita ce *on m'a donné un livre*, wadda ta yi kafaɗa da kafaɗa da Hausa: an ba ni littafi. Da ɗalibi zai tsaya a kan tunanin Hausarsa a wannan wurin, da bai faɗi ba.

Aikatau masu wannan hali suna da yawa kuma kullum ana amfani da su: *dire*, *demander*, *répondre*, *téléphoner*, *permettre*, *promettre*, *interdire*, *conseiller*, *montrer*, *envoyer*, *apprendre*. An gaya mata ita ce *on lui a dit*. An hana su shiga ita ce *on leur a interdit d'entrer*. An koya mana lissafi ita ce *on nous a appris le calcul*. Lura cewa wakilan sunan a nan *lui* da *leur* ne, kuma fartisif ba ya binsu: ko mata goma aka gaya wa, *on leur a dit* ce, babu ƙarin harafi. Hanyar ganewa ita ce a buɗe ƙamus a dubi yadda aka gina aikatau ɗin. Idan an rubuta *à quelqu'un*, mutumin ba zai hau gaba da fasif ba. Akwai 'yan tsirarun da suka fita daga dokar, su ne *obéir*, *désobéir* da *pardonner*, shi ya sa za ka ji *vous êtes pardonné* ko *il veut être obéi* ba tare da kowa ya ɗaga gira ba.

*Demander* na bukatar kulawa ta musamman. An tambaye ni ko an roƙe ni in zo ita ce *on m'a demandé de venir*. Amma *je suis demandé* tana nan a harshen, da wata ma'ana dabam: ana nemana, kamar a ce *vous êtes demandé au téléphone*. Wanda ya rubuta *j'ai été demandé de venir* ya haɗa ginin biyu da ba sa haɗuwa.

Sauyawa zuwa *se*

A nan abin da aiki ya faɗa wa yana zama a goshin jimla kamar yadda yake a fasif, amma *être* na lokacin yanzu ya ɓace, *se* ya shigo gaban aikatau. *Ce mot est écrit avec deux n* ta koma *ce mot s'écrit avec deux n*. Aikatau yana bin abin da ke gaba, ba kamar na *on* ba: *le mil se vend bien*, amma *les oignons se vendent bien*. A zahiri jimlar kamar cewa take yi albasa tana sayar da kanta, sai dai ba wanda ke fahimtar haka, tun da kowa ya san albasa ba ta ciniki. Wannan shi ne sirrin ginin gaba ɗaya. Yana aiki ne saboda abin da ke gaba ba zai iya yin aikin da kansa ba.

Daga nan sharaɗi na farko ya fito: abin ya kasance wanda ba mutum ba. Da zarar ka sa mutum, *se* ya koma ma'anarsa ta asali, wato kai ko juna. *Les ouvriers se paient le vendredi* za a iya jin ta a matsayin ma'aikata suna biyan kansu ran Juma'a. *Les enfants se lavent* yara ne ke wanka da kansu, ba a ce ana yi masu ba. Ga mutane, koma wa *on*: *on paie les ouvriers le vendredi*. Dabba kuwa tana wucewa idan ana maganarta a matsayin kaya, kamar *le mouton se vend cher avant la Tabaski*, rago na tsada gab da Babbar Salla.

Sharaɗi na biyu: ba a ambaton mai aiki. *Le thé se boit par les vieux* kuskure ne a Faransancin yau. Idan kana son tsofaffin su fito, ce *les vieux boivent du thé*.

Sharaɗi na uku shi ne mafi muhimmanci, kuma shi ne ke raba *se* da *on*. Ginin *se* ya fi son al'ada, ƙa'ida, ko halin da abu yake da shi a kowane lokaci. *Le thé se boit chaud* ba labarin wani shayi da aka sha jiya ba ne, cewa ake yi shi shayi da zafinsa ake shansa. *Ce tissu se lave à l'eau froide*, wannan yadin da ruwan sanyi ake wanke shi, kusan umarni ne. *Ce médicament se prend après le repas*, bayan cin abinci ake shan maganin nan. Saboda haka jimlar takan zo da wani ƙarin bayani a bayanta, na yadda ake yi, ko inda, ko yaushe. Idan labarin abu ɗaya ne da wani ya yi a wata rana, *se* yakan ƙi zama. *Cette lettre s'est écrite hier* ba ta shiga kunne, *on a écrit cette lettre hier* ce daidai. Akwai wasu aikatau, musamman *vendre*, da ke yarda da labarin rana ɗaya idan ana nuna saurin abin ko sauƙinsa: *la maison s'est vendue en deux jours*. Amma mai koyo ya fi tsira idan ya riƙe *se* ga al'ada, ya bar wa *on* labari.

A shuɗaɗɗen lokaci, ginin *se* da *être* yake tafiya, ba ya taɓa ɗaukar *avoir*, kuma fartisif yana bin abin da ke gaba: *les mangues se sont bien vendues*. Korewa tana rungumar *se* tare da aikatau: *ça ne se vend pas*, *ça ne s'est pas vendu*. Idan akwai *pouvoir* ko *devoir*, *se* yana manne wa aikatau na biyu: *ça peut se réparer*.

Yanzu ga wata jimla mai wannan ginin da ake yawan ji, *cela se dit*, wato ana faɗin haka. *Cela* na rubutu ne, *ça* na baki, ma'anarsu ɗaya. Idan ka tambayi malami *est-ce que ça se dit ?*, kana tambaya ne ko masu harshen suna faɗin haka. Amsar *ça ne se dit pas* tana da kaifi biyu, tana iya nufin kalmar ba ta cikin harshen, tana kuma iya nufin maganar ba ta dace da bakin mai kunya ba. *Ça ne se fait pas* ita ce ba a haka, irin wadda uwa ke gaya wa yaron da ya miƙa abu da hagu. *Ça se voit* ita ce ai ga shi nan a fili. *Comment ça s'écrit ?* da *comment ça se prononce ?* tambayoyi ne da mai koyo zai yi ta yi har ya gaji. Kada a rikita *ça se dit* da *on se dit*. Ta biyun na nufin mutum na ce wa ransa, ko mutane na ce wa juna.

Abin da Hausa ke taimaka maka da shi, da inda za ta yaudare ka

Aikatau na Hausa masu ƙarewa da -u, waɗanda ɗaliban nahawu suka sani da giredi na 7, sun yi kama da *se* sosai. Yana gyaruwa ita ce *ça se répare*. Rubutun nan ba ya karantuwa na iya zama *ça ne se lit pas*. Amma -uwa ta Hausa ta fi karkata ga yiwuwa, shi kuwa *se* ya haɗa yiwuwa da al'ada da dacewa. Don haka *ça ne se mange pas* na iya zama ba ya ciyuwa, na iya zama ba a cinsa. Sakamakon haka shi ne ana, akan da ba a na Hausa suna rabuwa gida biyu idan sun shiga Faransanci. Idan ana ɗin na nufin yanzu haka wasu na cikin yi, *on* ne: ana gyaran hanya, *on répare la route*. Idan na nufin haka ake yi a ƙa'ida, duka biyun suna yiwuwa, amma *se* ya fi daɗi: da hannu ake cin tuwo, *ça se mange avec la main*.

Kuma ba kowane an ne ke zama *on* ba. Hausa na amfani da an har a inda babu mutum ko ɗaya da ya yi wani abu. An yi ruwa ita ce *il a plu*. Ana zafi ita ce *il fait chaud*. An yi hatsari ita ce *il y a eu un accident*, domin *on a fait un accident* za a ji ta a matsayin mu ne muka yi. An haife ni a Tawa ita ce *je suis né à Tahoua*, ko *née* ga mace, kuma wannan ba fasif ba ne ma, *naître* ne ke tafiya da *être*. Sai kuma an na girmamawa. Bahaushe na ce wa babba an tashi lafiya, an zo lafiya, don kauce wa nuna shi kai tsaye. Faransanci ma na da *alors, on a bien dormi ?*, amma da yaro ko majinyaci ko abokin wasa ake yin ta. Ga babba tana iya fitowa kamar raini, *vous* ne nasa.

Wata matsalar ta fi wannan girma a wurin aiki. A maganar yau da kullum *on* ya ƙwace wurin *nous*, har *on y va* ta fi *nous y allons* yawa a baki. Saboda haka ma'aikacin da ya ce *on a perdu le dossier* da nufin an ɓatar da fayil, ba tare da ya san wa ya ɓatar ba, mai sauraro zai iya jin cewa mun ɓatar, wato ya amsa laifi da bakinsa. A irin wannan wuri fasif ne ya fi aminci: *le dossier a été perdu*. Haka nan Hausa na jera an biyu na mutane dabam-dabam ba tare da damuwa ba, kamar an ce an sace babur. Faransanci mai kyau ya fi son *on* ya tsaya kan mutum ɗaya a cikin jimla, don haka maimakon *on dit qu'on a volé la moto*, rubuta *on dit que la moto a été volée*.

Ƙananan abubuwa biyu na rubutu. *On a* da *on n'a* furucinsu ɗaya ne, saboda *n* na *on* yana manne wa wasalin da ke biye, shi ya sa ake yawan mantawa da *n'* na korewa. Gwada da *il*: idan za ka ce *il n'a rien dit*, to rubuta *on n'a rien dit*. Na biyu, *l'on* da ake gani bayan *si*, *que*, *et*, *où* ado ne na rubutu don daɗin furuci, ma'ana ba ta sauyawa, kuma ana barinsa idan kalmar da ke biye ta fara da *l*: *si l'on veut*, amma *si on le veut*.

Mu gwada a kan rahoto guda

A ce magatakardan wani ɗakin ajiyar albasa a Galmi ya rubuta wa maigidansa rahoto, kuma duk jimlolinsa sun fito da fasif. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ya fara da *les oignons sont récoltés vers le mois de mars*. Babu *par*, albasa ba mutum ba ce, kuma maganar ta kowace shekara ce. Sharuɗɗan *se* uku sun cika: *les oignons se récoltent vers le mois de mars*. Ta biyu, *ils sont conservés dans un endroit sec*, tana da ruɗani, domin ba a san ko yana faɗin inda albasar take yanzu ba ne ko yadda ake adana ta. Idan ƙa'idar yake nufi, *ils se conservent dans un endroit sec*. Idan abin da suke yi a ɗakinsu yake nufi, *on les conserve dans un endroit sec*. Sauyin ya tilasta masa ya faɗi abin da yake nufi, wanda fasif ya bar shi a dunƙule.

Sai labarin jiya: *hier, 200 sacs ont été chargés dans le camion*. Rana ɗaya ce, aiki ɗaya, mutane ne suka yi lodin. Wannan na *on* ne. *Ont été* shuɗaɗɗe ne, don haka *hier, on a chargé 200 sacs dans le camion*, fartisif ba shi da *s* yanzu tun da buhunan sun koma baya. Da ya rubuta *200 sacs se sont chargés*, da maigida ya yi dariya, don kamar buhunan ne suka hau motar da ƙafarsu.

*Le chauffeur a été donné un reçu* ba nauyi kawai ta yi ba, karyayya ce. Rasiɗi aka bayar, direba aka bai wa: *on a donné un reçu au chauffeur*. Mai biye mata, *10 sacs ont été abîmés par la pluie*, tana da *par*, kuma ruwan sama ba mutum ba ne. A juya ta, *la pluie a abîmé 10 sacs*, ko a bar ta yadda take idan buhunan ake son ido ya fara faɗawa a kai.

*Les manœuvres seront payés vendredi* mutane ne a gaba, saboda haka *se* ya fita daga lissafi. *On paiera les manœuvres vendredi* daidai ce, kuma a nan ko maigida ya karanta *on* a matsayin mu, babu asara, tun da su ne za su biya. *Les sacs restants ont été vendus très vite* na cikin wuraren da *vendre* ke karɓar *se* a labarin rana ɗaya, saboda saurin cinikin ake nunawa: *les sacs restants se sont vendus très vite*. Ita kuwa *le magasin est fermé depuis lundi*, da Hausa a rufe yake tun Litinin, hali ne. Ba a taɓa ta.

Jimla ta ƙarshe a rahoton ita ce *le gardien a été volé son téléphone*, wadda ita ma karyayya ce, domin ana satar abu ne *à quelqu'un*. Ana iya cewa *on a volé son téléphone au gardien*. Amma idan ana son maigadin ya zauna a goshin jimla, tun da shi abin ya sama, Faransanci na da wata ƙofa ta musamman ga mutane: *se faire* sai aikatau a sigarsa ta ƙamus. *Le gardien s'est fait voler son téléphone*. Wannan ginin ya fi zuwa da abin da ba a so, kamar *il s'est fait renvoyer*, an kore shi, ko *elle s'est fait insulter*, an zage ta, ko da yake yana kuma nufin mutum ya sa an yi masa abu, kamar *il s'est fait couper les cheveux*, ya je an yi masa aski. *Fait* a nan ba ya sauyawa ko mace ce ko jam'i, don haka *elle s'est faite voler* kuskure ne, duk da ana jin sa a bakin mutane. A takardun ofis da jaridu za ka haɗu da ɗan'uwansa *se voir*, mai ɗan nauyin harshe: *il s'est vu refuser le visa*, an hana shi biza.

Rahoton da aka gyara ya fita da *se* uku ko biyu, gwargwadon abin da magatakarda ya zaɓa a jimla ta biyu, da *on* uku ko huɗu, da jimla ɗaya da aka juya, da *se faire* ɗaya, da kuma *est fermé* da aka bari a wurinta. Idan takardar ta hukuma ce, kamar sanarwar da za a liƙa a ƙofa, to *on* yakan yi kama da hira, sai a koma ga *il est interdit de stationner devant le magasin* ko *il a été décidé que le magasin ouvrira à 8 heures*, inda *il* ba ya wakiltar kowa.